Abin da ake rubutawa a fom ɗin auna ma'aikaci: tambayoyi da amsoshi kan shekaru, jinsi, addini da lafiya

Duk ƙarshen shekara, idan fom ɗin APER, wato na auna aikin ma'aikaci na shekara, ya iso makarantun firamare da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, hedimasta ko shugaban asibiti yakan zauna da biro ya cike gurbin sharhi a kan kowane ma'aikacinsa. Na daɗe ina karanta irin waɗannan fom-fom a ofishin kula da ma'aikata na ƙaramar hukuma, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda shugabannin da ma'aikatansu suka fi yi mini, wasu a ofis, wasu a gindin bishiya bayan sallar la'asar.

Mene ne laifi idan na rubuta gaskiya? Ai da gaske ne malamin ya tsufa, malamar kuma tana da goyo.

Ba wanda ya ce ka yi ƙarya, Malam. Abin da ake tambaya shi ne ko gurbin nan an yi shi ne don wannan gaskiyar. Fom ɗin yana neman sanin yadda mutum ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi a cikin shekarar: ya zo a kan lokaci, ya shiga aji, ya rubuta tsarin darasi, ya duba littattafan yara, ya cike rajista. Tsufa ba aiki ba ne, goyo ma haka. Idan ka rubuta "tsufa ya kama shi", wanda zai karanta a hedikwata bai san me malamin ya kasa yi ba. Shi ma malamin bai san me zai gyara ba, domin babu mai rage wa kansa shekaru.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Fom ɗin ba ya tsayawa a makarantarka. Daga hannunka zai je wurin jami'in da zai sa hannu na biyu, daga nan ya shiga fayil, kuma idan lokacin ƙarin girma ya yi, fom na shekarun baya ake zaro wa kwamiti. Mutanen da ke kwamitin ba su san malamin ba, ba su san ka ba. Layi biyun da ka rubuta cikin gaggawa su ne za su tsaya a madadinsa, kuma suna iya zama a fayil bayan kai an yi maka sauyin wurin aiki ko ka yi ritaya.

To yaya zan rubuta, alhali matsalar tana nan?

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. A ce kana da malamar aji uku da ta dawo daga hutun haihuwa a farkon zango. Zangon yana da ranakun karatu 60. Da ka zo cike fom sai ka rubuta: "Mace ce mai goyo, hankalinta na gida, ga yawan laulayi. Ba za ta iya riƙe babban muƙami ba."

A cikin wannan sharhi babu ko abu ɗaya da za a iya dubawa a tabbatar. Amma a aljihun teburinka akwai littafin sa hannu na safe, akwai littafin duba tsarin darasi, akwai takardun asibiti da ta kawo. Da ka buɗe su za ka ga, a ce, ta makara kwana 17 cikin 60. Ba ta zo ba kwana 9, amma 6 daga ciki ta kawo takardar asibiti, 3 ne kawai babu izini. Cikin makonni 12 ta kawo tsarin darasi na makonni 8. Sannan da ka zagaya ajinta sau biyu ka tarar yara na karatu da kyau, ba hayaniya.

Daga nan sharhin zai rubuta kansa: "Ta makara kwana 17 cikin 60, kuma ba ta zo ba kwana 3 ba tare da izini ba. Ta kawo tsarin darasi na makonni 8 cikin 12. Na yi mata magana a kan haka a mako na biyar, kuma makarar ta ragu daga mako na takwas. Tana iya riƙe aji, koyarwarta na da kyau. Ana bukatar ta kawo tsarin darasi kowace Litinin."

Ka lura da kwana 6 ɗin nan na asibiti. Ba su shiga cikin abin da aka ɗora mata a matsayin gazawa ba, domin hutu ne da ka'ida ta ba ta. Idan fom ɗin yana da gurbin adadin kwanakin hutun rashin lafiya, ka rubuta 6 a wurin, ka tsaya nan, ba sai ka faɗi ciwon ba. Haka nan watannin da ta yi a hutun haihuwa, ba a auna ta a kansu. Ana auna lokacin da take bakin aiki ne.

Saura gwaji guda, kuma a nan ne hedimastoci da yawa ke faɗuwa. Ka koma littafin sa hannun ka duba maza. Sau da yawa za ka tarar akwai malamin da ya makara kwana 21 saboda da damina sai ya leƙa gona kafin ya zo, ko kuma ranar kasuwar mako ba a ganinsa bayan tara, amma a fom ɗinsa ka rubuta "yana ƙoƙari". Idan makarar kwana 17 ta isa a rage wa malama maki, makarar kwana 21 ta fi isa a rage wa malam. Lauyan da ya san aikinsa, abu na farko da zai nemi kotu ta sa a kawo shi ne wannan littafin da fom ɗin sauran ma'aikata, don a jera su a kwatanta.

Wace doka ce ta hana? Mu a nan ba mu taɓa jin an kai wani kotu kan fom ba.

Dokokin suna nan, kuma sun shafi ƙauye kamar yadda suka shafi Abuja. Tushen su shi ne sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu, ta hanyar doka ko ta hanyar aikin hukuma, saboda ƙabilarsa, garinsu na asali, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Cike fom ɗin ma'aikacin gwamnati aikin hukuma ne, kuma kai da ka sa hannu a madadin hukuma ka sa.

Abin da ya sauya al'amura sosai shi ne gyaran tsarin mulki na uku na 2010, wanda ya kawo sashe na 254C. Wannan sashe ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki da ta rashin adalci ga ma'aikaci, ya kuma ba ta damar yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Cikinsu akwai yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1958, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002, kuma ta hana bambanci a aiki saboda jinsi ko addini. Ta wannan ƙofa ce ake kamo masu zaman kansu, wato mai makarantar kuɗi, mai injin casar shinkafa a Kura ko Hadeja, da ƙungiyoyin agaji. Kotun tana da reshe a Kano, ba sai an je Abuja ba.

An kuma yi shari'o'i. Kotun Ma'aikata ta taɓa yanke hukunci a kan wata ƙungiyar agaji ta fannin lafiya da ta sallami ma'aikaciyarta bayan ta sanar da cewa tana da ciki, ta ce wannan nuna bambanci ne, ta sa a biya ta diyya. A 2012 kuma wata babbar kotu a Legas ta sa wani asibiti mai zaman kansa ya biya naira miliyan 7 ga ma'aikaciyar jinyar da ya kora bayan an gano tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Gaskiya ne duka biyun kora ce ta kai su kotu, ba fom ba. Da wuya a kai mutum ƙara don layi guda a fom. Yadda abin ke faruwa shi ne: an hana ma'aikaciya ƙarin girma, ko an jefa ta wani lungu, ko an sallame ta, ta kai ƙara, sai a buɗe fayil. Nuna bambanci abu ne mai wuyar tabbatarwa, domin yawanci a zuci yake. Amma idan shugaba ya rubuta da hannunsa cewa "mace ce mai goyo, ba za ta iya riƙe muƙami ba", ya sauke wa mai ƙara wannan nauyin.

Ni fa tausayi ne ya sa na rubuta. Na ce dattijo ne don a yi masa uzuri.

Na yarda, kuma a ganina yawancin irin wannan sharhi a wurinmu daga tausayi yake fitowa, ba daga ƙeta ba. Hedimasta yana jin nauyin ya rubuta cewa mutumin da ya haife shi a shekaru ba ya shiga aji, sai ya lulluɓe da "Baba ya manyanta, a yi haƙuri da shi". Sai dai kwamitin da zai karanta ba ya jin muryarka, takarda kawai yake gani. Abin da ka rubuta da nufin neman afuwa, su za su karanta shi a matsayin shaida cewa mutumin ya gama amfani.

Shekaru ba sa cikin abubuwan da sashe na 42 ya lissafa, kuma ba sa cikin jerin yarjejeniya ta 111, don haka hujjar mai ƙara a nan ba ta kai ta jinsi ko addini ƙarfi ba. Amma ƙofar rashin adalci ga ma'aikaci a buɗe take. Ban da haka, lokacin ajiye aiki ka'ida ce ta yanke shi: a aikin gwamnati shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, sannan dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, jihohi kuma kowace na aiwatarwa da takardar umarninta. Muddin mutum bai kai wa'adinsa ba, ba aikinka ba ne ka rubuta "ya kamata ya huta ya ba yara wuri". Idan ba ya iya tsayuwa a gaban allo na tsawon darasi, ko ba ya kawo sakamakon jarrabawa a kan lokaci, ka rubuta wannan, da ranakunsa. Haka ma ta ɗaya ɓangaren: "yaro ne, bai isa shugabanci ba" duk abu ɗaya ne, an juya shi ne kawai.

Idan yabo ne fa? Kamar in ce "mutum ne mai riƙo da addini" ko "mace mai kamar maza"?

Wannan ita ce tambayar da na fi sha'awa, domin mutane kan yi mamakin amsar. Yabon ma ya kamata ya fita daga fom.

Idan ka ƙara wa wani maki don shi ne ke jan salla a masallacin makaranta, to wanda ba ka rubuta masa haka ba ka rage masa ke nan, ko ba ka yi niyya ba. A yankuna irin su Sumaila da Tudun Wada akwai ma'aikata Kiristoci 'yan asalin wurin, Hausawa ne kamar kowa, kuma ba za su taɓa samun wannan yabo ba komai ƙwazonsu. Ko a tsakanin Musulmi, kowa ya san yadda ake kallon juna tsakanin ɗan Izala da ɗan ɗarika da ɗan Shi'a. Hedimastan da ke rubuta "mai kyakkyawar aƙida" ga waɗanda suke masallaci ɗaya da shi ya shigar da rikicin gari cikin fayil ɗin gwamnati.

Abin da kake son faɗa da "mai riƙo da addini" yawanci shi ne mutumin yana da amana. To ka faɗi amanar: ya riƙe kuɗin kwamitin makaranta, an yi lissafi ba a rasa ko kwabo ba. Ya kula da ɗakin magani shekara guda, ƙidayar kaya ta yi daidai da littafi. Wannan ya fi ƙarfi a gaban kwamiti, kuma kowa na iya samunsa. "Mace mai kamar maza" kuwa, ko da yake a bakinmu babban kirari ne, a takardar aiki yana nufin ka ɗauka ƙwazo na maza ne, ita aro ta yi.

Azumi, aikin Hajji da takaba suna shafar aiki. Shin ba za a ambace su ba?

Wanda ya je Hajji da izini a rubuce, ko macen da aka ba hutu don takabar wata huɗu da kwana goma, suna cikin hutun da aka amince da shi, kuma wurinsa gurbin hutu ne, ba gurbin sharhi ba. Wanda ya tafi babu izini, laifinsa tafiya babu izini, kuma haka za a rubuta shi ba tare da ambaton inda ya je ba. Wanda ke barin aji ƙarfe goma sha ɗaya a watan azumi, a rubuta sau nawa ya bari kafin lokacin tashin da hukuma ta sanar.

Ma'aikacina yana da ciwon da ke hana shi aiki sosai. In yi shiru ke nan?

A'a, kada ka yi shiru, amma akwai hanyar da ake bi, kuma ba ta gurbin sharhi ba ce.

Da farko ka sani bayanin lafiyar mutum sirri ne a doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa lafiya da addini cikin bayanai masu tsananin kariya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanin majiyyaci, kuma wannan ya fi shafar shugaban ƙaramin asibiti, wanda sau da yawa ya san ciwon ma'aikacinsa ne don a wurinsa ya karɓi magani. Abin da ka sani a ɗakin duba marasa lafiya ba ka da ikon kai shi fom. A kan ƙanjamau akwai doka ta musamman ta 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar a wurin aiki, ta kuma hana bayyana halin da mutum ke ciki ba da yardarsa ba. Ga naƙasa kuma akwai dokar 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, da ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira miliyan 1 ga kamfani.

Sannan ka tuna inda muke zaune. Fayil ɗin ƙaramar hukuma yana bi ta hannun masinja da akawu, kuma wataƙila akawun maƙwabcin surukan ma'aikacin ne. Kalmar "farfaɗiya" ko "sikila" ko "taɓin hankali" idan ta fita daga fayil tana iya fasa auren 'yar mutum, ba ƙarin girmansa kaɗai ba. Idan kuma hasashe ka yi, ba likita ne ya faɗa ba, ka ƙara wa kanka haɗarin ƙarar ɓata suna.

Abin da ya dace shi ne ka kira shi ku zauna ku biyu, ka tambaye shi me zai sauƙaƙa masa aikin. Wani lokaci abu kaɗan ne: a ba malami mai ciwon ƙafa ajin da ke kusa da ofis, a cire mai sikila daga zagayen rigakafi na gida-gida a tsakiyar rana a ba shi aikin rajista. Idan abin ya wuce haka, ka rubuta wasiƙa ta daban, a rufe, zuwa ga sakataren ilimi ko shugaban sashen lafiya, kana neman a tura shi gaban kwamitin likitoci. Su ne ke da ikon cewa mutum zai iya ci gaba da aiki ko ba zai iya ba. Hedimasta ba likita ba ne.

Babu inda jinsi ko addini ke zama sharaɗin aiki na gaskiya?

Akwai, kuma yarjejeniya ta 111 da kanta ta keɓe abin da aikin ba zai yiwu sai da shi ba. Mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makarantar kwana, ko malamin da aka ɗauka don ya koyar da addini, misalai ne da kowa zai gane. Amma wannan magana ce ta lokacin ɗaukar aiki da rabon wuri. Bayan an ɗauki mutum, fom na ƙarshen shekara yadda ya koyar yake aunawa.

Ni aka rubuta wa irin wannan sharhi. In ƙi sa hannu?

Kada ki ƙi, Malama, kuma kada ki sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, abin da ake yawan yi a ƙauye don "a rage wahala". A tsarin APER ma'aikaci yana ganin abin da aka rubuta a kansa, kuma sharhi mara kyau ya kamata a sanar da shi don ya sami damar kare kansa. Ki karanta, ki rubuta kusa da sa hannunki cewa kin gani amma ba ki yarda da sharhin ba, ki sa kwanan wata, ki ɗauki hoton shafin da wayarki.

Daga nan ki rubuta takarda zuwa ga jami'in da ke sa hannu na biyu, ta hannun shugabanki kamar yadda ka'ida ta ce, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada takardar ta zama ta zagi ko ta kuka. Ki kawo ainihin kalmomin da aka rubuta, ki nuna cewa ba su shafi aiki ba, ki haɗa da abin da ke nuna aikinki, sannan ki nemi a cire su a sake auna ki. Ki sanar da wakilin ƙungiyarku, NUT ga malamai, NULGE ga ma'aikatan ƙaramar hukuma. Yawancin irin wannan a nan yake mutuwa, domin babu sakataren ilimin da ke son takarda irin wannan ta wuce teburinsa. Idan ba a saurare ki ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma ba a biyan kuɗi don kai musu kuka. Kotu ita ce ta ƙarshe. Idan abin ya kai ga an hana ki ƙarin girma ko an sallame ki, ki ga lauya da wuri, domin lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku don neman a kori ƙarar da aka makara shigarwa.

Na riga na rubuta irin wannan a fom ɗin bara. Yaya zan yi?

Idan fom ɗin yana hannunka, ka nemi sabo ka sake cikewa, ka nuna wa ma'aikacin ya sa hannu. Idan ya riga ya shiga fayil, kada ka bi ta bayan gida ka sa akawu ya zaro shi, kada ka shafe da farin ruwa, kada kuma ka rubuta sabo ka sa masa kwanan watan bara. Wannan sauya takardar hukuma ne, kuma ya fi laifin farko girma. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa da kwanan watan yau zuwa ga wanda ya sa hannu na biyu, ka ce sharhin da ke gurbi kaza na fom ɗin wane bai shafi aikinsa ba, kana neman a yi watsi da shi a maye gurbinsa da wanda ka haɗo, wanda ka ciro daga littafin sa hannu da sauran rajistocin shekarar. Ka ba ma'aikacin kwafi, ka ajiye ɗaya a wurinka.